Yadda ake gwada kasafin kuɗi da rahoton kashe kuɗi layi bayan layi

Ma'ajin ƙungiyoyi da sakatarorin kwamitoci a nan Maradi sun sha aiko mana da tambaya iri ɗaya: ga kasafi a hannu, ga rahoton abin da aka kashe, jimillar ba ta zo daidai ba, kuma mai ba da tallafi ya ce a bayyana masa kowane layi, to daga ina za a fara? Amsarmu ita ce kada a fara da bayani. A fara tsame bambancin da rubutu ya haifar, wato kuɗin da aka sa a layin da ba nasa ba, da bashin da ba a biya ba tukuna. Abin da ya rage bayan haka shi ne bambanci na gaskiya, shi ake zama a bayyana.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ɗauka wata ƙungiyar mata ce ta samu tallafin sefa 2,000,000 domin horar da mata 30 tatsar man gyaɗa na kwana 10. Alƙaluman na misali ne, amma irin kurakuran da ke cikinsu su ne ake gani kullum.

1. Tara takardu kafin ka buɗe kwamfuta

Abu shida kake bukata a gabanka: kasafin da aka sa wa hannu, yarjejeniyar tallafi, rahoton kashe kuɗi mai nuna kowane biya daki-daki, rasit da faktir duka, takardar banki ta watannin aikin, da littafin kes. Kayan aiki kuwa Excel ne ko LibreOffice Calc, wanda kyauta ake sauke shi. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yi a babban littafi mai layuka da na'urar lissafi, sai dai ya fi cin lokaci. Ban da kuɗin fotokofi, aikin ba ya cin komai sai zama. Idan za ku ɗauki akanta daga waje, ku yi ciniki kan yawan rasit, domin su ne ke cin lokaci. Layukan kasafi ba su da wuyar dubawa.

Gargaɗi: a tabbata kasafin da ke hannu shi ne na ƙarshe. Sau da yawa akwai wanda aka fara aikawa, akwai wanda aka rage bayan tattaunawa, akwai kuma wanda aka gyara a tsakiyar aiki. Wanda ke da sa hannu da hatimin ɓangarorin biyu shi ne ma'auni. Fayil da aka turo ta WhatsApp mai suna “na ƙarshe” ba hujja ba ne.

Gargaɗi na biyu: rahoton da ya kawo jimillar kowane layi kawai bai isa ba. Idan an rubuta “gyaɗa, 558,000” ba tare da kwanan wata, yawan buhu da lambar rasit ba, a mayar wa ma'aji ya kawo jerin biyan. Ba za ka iya bayyana abin da ba ka ga cikinsa ba.

2. Daidaita lokaci, kuɗi da haraji

Tambaya uku za ka yi wa takardun biyu, ka rubuta amsar a saman shafin aikinka.

Ta farko, wane lokaci kowace ta ƙunsa? Idan kasafin na shekara ne, daga Janairu zuwa Disamba, rahoton kuma na wata uku, kada ka raba kasafin gida huɗu ka ce ka samu ma'auni. Albashi da haya suna rabuwa daidai a kan watanni, amma inji sau ɗaya ake sayensa, iri da taki kuma gab da damina. Ka ɗauko abin da tsarin aiki ya ce za a yi a watannin nan uku, da shi za ka gwada.

Ta biyu, da wane kuɗi aka rubuta? Idan kasafin da yuro ne, da sauƙi, domin canjin tsayayye ne: sefa 655,957 ake rubutawa a tsarin Faransanci, wato sefa 655 da ɗigo 957 kan yuro ɗaya. Dala ta Amurka da naira kuwa suna hawa suna sauka. Kayan da aka sayo daga Jibiya ko Katsina da naira, a rubuta canjin ranar a bayan rasit ɗin tun ranar sayen, wanda ya yi canjin ya sa hannu. In an bari sai ƙarshen wata, kowa zai tuna canjin da ya fi masa daɗi.

Ta uku, farashin kasafi ya haɗa da haraji ko bai haɗa ba? A takardun farashi za ka ga `HT`, wato ba haraji, ko `TTC`, wato har da haraji. Harajin TVA na yau da kullum a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne, saboda haka wannan tambaya kaɗai tana iya bayyana gibi babba.

3. Ba kowane layi lamba

Sunaye ba sa haɗa takardu biyu. Kasafi zai ce “kuɗin motar mahalarta”, ma'aji ya rubuta “kuɗin zuwa”, wani ya rubuta da Faransanci. Lamba ce ke haɗa su. A fayil ɗinka buɗe shafi biyu, ɗaya `Kasafi`, ɗaya `Rahoto`. A shafin kasafi, sahun A lambar layi, B suna, C yawa, D farashin ɗaya, E jimilla. A shafin rahoto, sahun A lambar layin da kuɗin ya shafa, B kwanan wata, C lambar rasit, D bayani, E kuɗi.

Ka sa harafi a gaban lambar, kamar `K11`, `K12`, `K21`. Idan ka rubuta 1.1 da 1.10, Excel na iya ɗaukarsu lamba ɗaya ya haɗe kuɗin layi biyu wuri guda, ba tare da ya nuna maka wata alama ba.

Kada ka yi aiki a kan fayil na asali. Ka kwafe shi, ka sa wa kwafin kwanan wata, ka bar na asalin yadda aka kawo shi. Ranar da aka yi gardama kan wani adadi, shi za a koma a duba.

4. Tabbatar da rahoton kansa

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, alhali idan rahoton bai tsaya da ƙafarsa ba, duk abin da ka gina a kansa aikin banza ne.

Fara da sake tara sahun kuɗi da kanka. Alƙaluman da aka kwafo daga PDF ko daga saƙon waya sukan zo da fili a tsakiyarsu, kamar 558 000, sai Excel ya ɗauke su rubutu ya tsallake su wajen tarawa. Alamarsu ita ce sun jingina hagu a cikin gurbi, sauran lambobi kuwa suna dama. Ana gyara su da wannan, a Excel na Faransanci:

```
=CNUM(SUBSTITUE(SUBSTITUE(E2;CAR(160);"");" ";""))
```

Sannan nemo rasit da aka shigar sau biyu. Duk inda wannan ya ba da abin da ya wuce 1, a ciro takardar a duba:

```
=NB.SI(C:C;C2)
```

Daga nan sai ka gwada jimillar da kuɗin da ke hannu. A misalinmu tallafi 2,000,000 ya shigo, ƙungiya ta ranto 150,000 daga asusun mambobi da kuɗi suka yanke, an samu 2,150,000. Rahoto ya ce an kashe 2,130,500. Ke nan dole a tarar da 19,500 tsakanin banki da kes. A ƙirga kuɗin kes a gaban mutum biyu, a rubuta, su sa hannu.

Idan bai zo daidai ba, girman bambancin yakan nuna inda matsalar take. In ya rabu da 9 ba saura, a nemi inda aka juya lambobi, kamar 246,000 a maimakon 264,000, wanda bambancinsu 18,000 ne. In ya yi daidai da ninkin wani adadi sau biyu, an sa kuɗin shiga a wurin kuɗin fita. In kuma wani biya ya yi ƙasa da abin da ake tsammani sau biyar daidai, lissafin dalar kasuwa ne ya shigo, wadda kowace ɗaya sefa 5 ce. A kasuwa idan mai kaya ya ce “ɗari”, sefa 500 yake nufi, kuma wanda aka aika yana iya rubuta 100 a takarda yadda ya ji da kunnensa. A rasit ɗin hannu, a sa doka cewa da sefa ake rubuta adadi, a kuma rubuta kalmar sefa kusa da shi.

5. Jera su gefe da gefe

A shafin `Kasafi`, sahun F zai tara duk abin da aka kashe kan kowace lamba, G bambanci, H kashi cikin ɗari:

```
F2: =SOMME.SI(Rahoto!A:A;A2;Rahoto!E:E)
G2: =E2-F2
H2: =G2/E2
```

Mai Excel na Ingilishi zai rubuta `SUMIF` da `COUNTIF` a maimakon `SOMME.SI` da `NB.SI`, ya kuma sa waƙafi a wurin `;`. Da wannan tsari, adadi mai alamar ragi gibi ne, an wuce kasafi. Wanda ba shi da alama rara ce. Ka rubuta wannan a saman shafin, domin wasu ofisoshi akasin haka suke yi.

Jimillar sahun F dole ta yi daidai da jimillar rahoto. A misalinmu F ya ba da 2,085,500, rahoto kuma 2,130,500. Akwai 45,000 da ba ta samu gida ba. Ana gano ta da sa wannan a shafin `Rahoto`, a nemi inda ya ba da 0:

```
=NB.SI(Kasafi!A:A;A2)
```

Wani lokaci kuskuren buga lamba ne, ko fili da ya maƙale a bayanta. A nan kuwa abincin ranar rufe horo ne, wanda babu shi a kasafi sam. Ka buɗe masa layi nasa a ƙasa, kasafinsa sifili, ka rubuta masa `babu` a sahun A na shafukan biyu. Ga abin da ya fito:

| Lamba | Layi | Kasafi | An kashe | Bambanci |
|---|---|---|---|---|
| K11 | Masu horarwa | 300,000 | 300,000 | 0 |
| K12 | Kuɗin motar mahalarta | 300,000 | 264,000 | 36,000 |
| K21 | Gyaɗa | 500,000 | 558,000 | -58,000 |
| K22 | Injin niƙa | 600,000 | 714,000 | -114,000 |
| K23 | Jarkokin mai | 90,000 | 0 | 90,000 |
| K31 | Man fetur | 100,000 | 186,000 | -86,000 |
| K32 | Hayar zaure | 100,000 | 50,000 | 50,000 |
| K33 | Kuɗin banki da aike | 10,000 | 13,500 | -3,500 |
| babu | Abincin rufewa | 0 | 45,000 | -45,000 |
| | Jimilla | 2,000,000 | 2,130,500 | -130,500 |

Wanda ya dubi jimilla kawai zai ce an wuce da kashi 6 da rabi, ba wani abin tashin hankali. Amma wannan adadi rara ce da gibi suka cinye juna, kuma biyu daga cikin rarar ba rara ba ce.

6. Tsame bambancin rubutu

Dubi K23 da K31 tare. Duk inda ka ga layi ɗaya ya yi rara babba, wani kuma ya yi gibi mai kusan girmanta, ka fara zargin cewa an sa kuɗi a gidan da ba nasa ba. Ba zai yiwu a tatsi mai kwana goma ba a sayi jarka ko ɗaya ba. Da aka buɗe jerin biyan K31, sai ga rasit na 90,000 an rubuta masa “bido 60”. Mai shigarwa ya ga jarka ya ɗauka na fetur ne. Idan aka mayar da shi K23, layin jarkoki ya zo daidai, fetur kuma ya koma 96,000, wato lita 192 a kan 500, rarar 4,000.

Gargaɗi: mayar da kuɗi gidansa gyara ne, amma tura kuɗi zuwa layin da ke da rara domin a ɓoye gibi maguɗi ne. Abin da ke raba su shi ne rasit. Idan abin da ke rubuce a rasit ya dace da sunan sabon layin, gyara ne. Ka rubuta gyaran a wani shafi daban: lambar rasit, daga ina, zuwa ina, wa ya amince. Kada ka goge tsohuwar lamba ka rubuta sabuwa shiru.

Sai K32. An yi kwana 10 a zaure a kan 10,000 kullum, an biya 50,000. Kuɗin zauren bai ragu ba, rabi aka biya kafin a fara, ragowar mai zaure yana jira. Wannan bashi ne. Rahoton da ke bin fitar kuɗi kawai ba ya ganinsa, shi ya sa muke ƙara sahu guda mai suna “an ɗauka ba a biya ba”. Ka tambayi shugabar ƙungiya da mai sayayya kai tsaye: akwai wanda ya kawo kaya ko ya yi aiki da ba a sallame shi ba? Kowace amsa ta shiga wannan sahu. Da an ƙara wannan 50,000, gibin gaskiya ya zama 180,500, kashi 9 cikin ɗari.

Akwai kishiyar wannan, wato kuɗin da aka ba mutum ya je sayayya aka rubuta su a matsayin an kashe. Idan an ba mai sayayya 600,000 ya tafi kasuwa, ba a kashe 600,000 ba sai ya dawo da rasit da canji. Kafin nan bashi ne a kansa, bai kamata ya hau kowane layin kasafi ba.

7. Raba farashi da yawa

Yanzu abin da ya rage na gaskiya ne, kuma kusan kowane bambanci na gaskiya daga abu biyu yake fitowa: ko farashi ya canza, ko yawan abin da aka saya ya canza. Sau da yawa duka biyun ne, suna ja ɓangare daban-daban. Layin gyaɗa zai nuna mana.

Kasafi ya ce buhu 20 a kan 25,000, jimilla 500,000. Rasit sun nuna buhu 18 a kan 31,000, jimilla 558,000. Gibin 58,000 ne, kusan kashi 12. Mai gaggawa zai rubuta “gyaɗa ta yi tsada” ya wuce. Gaskiya ce, amma rabinta.

Lissafin farashi: ƙarin da aka samu kan kowane buhu, 6,000, sau buhunan da aka saya, 18. Ya ba da 108,000 na gibi. Lissafin yawa: buhunan da ba a saya ba, 2, sau farashin kasafi, 25,000. Ya ba da 50,000 na rara. Cire 50,000 daga 108,000, ka samu 58,000, daidai da abin da ke teburi. Ka lura da ƙa'idar: bambancin farashi ana ninka shi da yawan da aka saya da gaske, bambancin yawa kuma ana ninka shi da farashin kasafi. Idan ka yi amfani da farashin kasafi da yawan kasafi a duka biyun, guntayen ba za su haɗu su ba da jimilla ba.

Abin da wannan rabawa ta tono shi ne tsadar ta kusa ninka abin da teburi ya nuna, kuma an rufe wani ɓangarenta ne da rage gyaɗar da mata za su koyi aiki da ita. Mai ba da tallafi zai so ya san ko buhu 18 sun isa horon. Ita ma ƙungiya tana bukatar sanin dalili, kuma a nan dalilin sananne ne ga duk wanda ke shiga kasuwar Maradi: an rubuta kasafin da kaka, gyaɗa na araha, kuɗin kuma bai sauka ba sai da bazara, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, manoma kuma na neman iri. Wanda zai rubuta kasafi na gaba ya sa farashin watan da za a yi sayayya.

Gargaɗi: kafin ka yarda farashi ne ya canza, duba ma'auni. Buhu ba girma ɗaya ba ne, kuma gyaɗa mai ɓawo daban take da ɓararriya. Idan kasafi ya yi lissafi da buhu, rasit kuma ya zo da tiya, sai an mayar da su ma'auni ɗaya. A tambayi mai sayarwa tiya nawa ke cikin buhunsa, a rubuta.

K12 na yawa ne zalla. Mata 30 sau kwana 10 a kan jika ɗaya, ya kamata a ga sa hannu 300. Takardun halarta sun nuna 264. Rarar 36,000 ke nan, zuwa 36 da ba a yi ba. Mu a ganinmu irin wannan rara ta fi wani gibin bukatar tambaya, domin kuɗin da ya rage a nan yana nufin wasu mata ba su samu horon cikakke ba. A duba ko ranar kasuwa ce aka fi rashin zuwa, ko wasu ƙalilan ne suka daina gaba ɗaya. A kuma ƙirga sa hannun da gaske, ɗaya bayan ɗaya, kada a dogara da adadin da aka rubuta a ƙasan takarda.

K22 na farashi ne zalla, kuma kashi cikin ɗari ya riga ya faɗi dalili: 114,000 kashi 19 ne daidai na 600,000. An ɗauki farashin `HT` daga takardar farashi aka sa a kasafi, faktir kuma ya zo da TVA. Kafin ka rubuta bayani, buɗe yarjejeniya ka ga ko mai tallafin yana biyan haraji. Wasu suna biya, wasu ba sa biya, kuma idan ba ya biya, nauyin ya koma kan ƙungiya. Ka duba kuma faktir ɗin yana ɗauke da lambar NIF, wato lambar rajistar haraji ta mai sayarwa, an kuma fitar da harajin a layinsa daban.

K11 ya zo daidai cif, kuma daidai ba ya hana dubawa. Mutum 2, kwana 10, 15,000 kullum: a ga takardar biya da sa hannunsu. Layin da ke cinye kasafinsa cif a kowane rahoto, musamman na kayan da farashinsu ke motsi, wani lokaci alama ce cewa kasafi aka kwafa aka mayar rahoto.

8. Zaɓi layukan da za su samu dogon bayani

Yarjejeniya ce ke faɗin iyaka. Masu ba da tallafi da yawa suna sa kashi 10 cikin ɗari, wasu a kan kowane layi, wasu a kan babban rukuni, kuma wasu suna son a nemi izini a rubuce kafin a wuce. Karanta taku ka ga wanne ne.

Kashi kaɗai yana ruɗarwa, shi ya sa ake haɗa shi da adadin kuɗi. K33 ya wuce da kashi 35, amma 3,500 ne, kuɗin aike da aka biya ta kamfanin tura kuɗi sau da dama. Jimla ɗaya ta ishe shi. Layin da ba shi cikin kasafi kuwa, komai ƙanƙantarsa, yana bukatar cikakken bayani da sunan muƙamin wanda ya ba da izini. A wannan layi sahun H zai nuna `#DIV/0!` domin ba a raba adadi da sifili. Share shi ka rubuta “babu a kasafi”.

Gargaɗi: kada a sa abincin rufewa ƙarƙashin K12 don kawai akwai rarar 36,000 a wurin. Idan ba a nemi izini ba, a faɗi haka, a nemi mai tallafi ya amince ko ƙungiya ta ɗauki nauyin daga aljihunta. Mai bincike yakan yafe kashewar da aka bayyana a fili, amma wadda ya tono da kansa tana sa ya koma ya zargi sauran layukan duka.

9. Rubuta bayanin

Kowane bayani ya ƙunshi abu huɗu a jere: nawa ne bambancin, mene ne ya jawo shi da alƙaluma, wace takarda ce shaida, sannan me za a yi. Jimla biyu zuwa huɗu sun isa. Ga na gyaɗa:

“K21, gibin 58,000. Farashin buhu ya tashi daga 25,000 zuwa 31,000 domin an yi sayayya da bazara, wanda ya ƙara 108,000 a kan buhu 18. An rage buhu 2, wanda ya rage 50,000. Shaida: rasit lamba 14 da 15. Muna neman a cike 36,000 daga rarar K12 da 4,000 daga rarar K31, ragowar 18,000 ƙungiya za ta ɗauka.”

Ga na zaure: “K32, rarar 50,000 ta lokaci ce. An biya rabin haya, ragowar bashi ne da za a biya a wata mai zuwa. Shaida: takardar haya da rasit lamba 3. Layin zai cinye kasafinsa duka.”

Kalmomin da muke rokon a guje musu su ne “tsadar rayuwa”, “abubuwan da ba a zata ba” da “bukatun aiki”. Ba su da lamba, ba su da takarda, kuma za su dace da kowane layi. Gwajin bayani mai kyau shi ne a tara guntayen da ya ambata su ba da bambancin daidai. Idan gibin 58,000 ne, bayaninka ya kai 50,000, ka rubuta a fili cewa akwai 8,000 da ake kan bincike, ka sa ranar da za a kawo amsa.

10. Rufe lissafin a sa hannu

A ƙasan shafin ka yi ɗan tsani daga kasafi zuwa abin da aka kashe, kowane dalili da layinsa. A misalinmu: kasafi 2,000,000, ƙarin farashin gyaɗa 108,000, harajin inji 114,000, ƙarin kuɗin aike 3,500, abincin da ba ya kasafi 45,000. An kai 2,270,500. Sai a cire ragin yawa, wato gyaɗa 50,000, kuɗin mota 36,000 da fetur 4,000, a samu 2,180,500. A cire bashin zaure 50,000, a sauka kan 2,130,500, jimillar rahoto. Gyaran jarkoki bai fito a tsanin ba domin daga layi zuwa layi ya tashi, bai taɓa jimilla ba. Idan tsaninka bai sauka kan jimillar rahoto ba, akwai dalilin da aka manta ko aka ƙirga sau biyu. Koma mataki na 6.

Ka ba wani da bai taɓa aikin ba, kamar mai binciken kuɗi na ƙungiya, ya zaɓi rasit biyar da ka, ya bi kowanne daga takarda zuwa rahoto zuwa layin kasafi. Bayan nan ma'aji da shugaba su sa hannu da kwanan wata. A jera rasit bisa lambarsu a cikin faifan takardu guda, a haɗa da shafin gyare-gyare, da takardar ƙirgar kes, da takardar da ke nuna rancen 150,000 daga asusun mambobi da lokacin da za a mayar, sannan a aika wa mai tallafi teburin da bayanan tare da wasiƙar neman amincewa kan K21, K22 da abincin rufewa.